Ɗumamen shinkafar suna ya sa mu amai: kwana nawa ciwon yake ɗauka?

Assalamu alaikum, Likita. Daga Jega nake rubutowa. Ranar Asabar muka yi suna, aka sauke dafa-duka wajen sha ɗaya na safe aka zuba a kula. Ragowar ta kwana a ciki, da safe na ɗumama ta har tana tururi, muka ci wajen bakwai da rabi ni da yara uku. Kafin ƙarfe goma duk mun fara amai. Maigida bai ci shinkafar ba, miyar naman da ta kwana ya ci da burodi, shi kuma sai bayan magariba murɗar ciki da zawo suka kama shi. Yau Litinin mun ji sauƙi, amma ƙaramar, mai shekara 3, har yanzu tana zawo kuma ba ta son abinci. Me ya jawo haka alhali na ɗumama sosai, kuma kwana nawa abin yake ɗauka?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya abin da aka samu, ya kuma ƙara muku lafiya. Zan fara da ƙaramar, domin ita kaɗai ce a gidan lamarinta yake bukatar a yi wani abu yau, sannan in dawo kan abin da ya faru a cikin kular nan.

Ki duba ta yanzu kafin ki ci gaba da karatu. Idan ta wuce awa 6 zuwa 8 ba ta yi fitsari ba, ko idanunta sun faɗa, ko tana kuka babu hawaye, ko bakinta ya bushe, ko kika tsunkuli fatar cikinta kika saki ta daɗe ba ta koma ba, to ruwan jikinta ya yi ƙasa, kuma asibiti za a kai ta ba tare da jiran gobe ba. Haka nan idan ta kasa shan komai, ko duk abin da ta sha sai ya dawo, ko ta yi laushi tana ta barci da wuyar tayarwa, ko akwai jini a bayan-gidanta, ko jikinta ya yi zafi. Zazzaɓi a jikin yarinya mai shekara 3 a ƙasarmu ba abin da za a ɗora wa shinkafa a zauna ba ne, domin zazzaɓin cizon sauro ma yana zuwa wa yara da amai da zawo, kuma gwajinsa na 'yan mintoci ne. Idan kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, tana sha, tana fitsari, tana ɗan wasa, to za ki iya kula da ita a gida, kuma zan faɗi yadda za ki yi a ƙasa.

Abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da cututtuka biyu daban da suka fito daga tukwane biyu, kuma abin da ya nuna mini hakan shi ne agogo. Mu ma'aikatan lafiya idan aka kawo mana iyalin da suka ci abu ɗaya suka kwanta, tambayar da muka fi ba muhimmanci ita ce tazarar da ke tsakanin cin abincin da fara ciwon, sannan mu tambaya amai ne ya fi yawa ko zawo. Amsoshin nan biyu sukan nuna wace ƙwayar cuta ce ake zargi, kuma daga nan ne ake iya ƙiyasta kwanakin da ciwon zai ɗauka. Ba zan iya rantse miki a kan sunan ƙwayar ba tunda ba a gwada abincin ba, amma alamomin naku sun fito fili sosai.

Ke da yara kun fara amai kimanin awa biyu da rabi bayan cin abinci. Wannan saurin yana nufin gubar ta riga ta taru a cikin shinkafar tun kafin ta shiga bakinku, domin ƙwayar cutar da sai ta shiga hanji ta hayayyafa kafin ta yi ɓarna ba ta iya kwantar da mutum cikin awa biyu. Wadda aka fi sani da wannan aiki a shinkafa sunanta Basilus seriyus. A ƙasa take zaune, don haka tana nan a jikin ɗanyar shinkafa tun daga gona, ko ta fadamar Argungu ce ko ta kanti ce mai tsada, kuma samunta ba ya nuna ƙazantar mai girki. Idan yanayi ya yi mata tsanani takan dunƙule ta zama wani irin ƙwai mai tauri, kamar yadda irin ciyawa yake kwanciya a ƙasa duk tsawon rani yana jiran ruwan farko. Tafasar tukunya tana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma wannan ƙwan yana tsallake ta. Da zarar an sauke abinci ya fara hucewa, zafinsa ya sauko ƙasa da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, sai ƙwan ya farka ya tarar da danshi da ɗumi da abinci, babu kuma sauran ƙwayoyin da za su yi gasa da shi tunda wuta ta gama da su.

A nan ne lissafin naki yake. An sauke da ƙarfe 11 na safe, an ci da ƙarfe 7 da rabi na washegari, wato awa 20 da rabi ke nan. Kula mai kyau, idan ta cika kuma ba a buɗe ta, tana iya riƙe zafi na 'yan awanni, amma kular ranar suna ana buɗe ta kowane lokaci ana ɗiba, kuma duk yadda abincin ya ragu haka yake saurin hucewa. A ce ma ta riƙe zafin har la'asar. Daga nan zuwa wayewar gari shinkafar ta zauna a cikin ɗumi na fiye da awa 14, kuma kular da aka saya don ta tsare abinci ita ce ta hana shi yin sanyi da sauri, ta ajiye shi a daidai ɗumin da ƙwayar take so. A irin wannan yanayi ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu a cikin kimanin rabin awa. Idan kika bi lissafin, rabuwa 20 ke nan a cikin awa 10, kuma ƙwaya ɗaya tak ta haura miliyan ɗaya. Yayin da suke yawaita haka suna zubar da guba a cikin abincin.

Gubar nan ita ce amsar tambayarki ta farko. Wuta ba ta lalata ta. An gwada ta a zafin digiri 121 na tsawon minti 90 ba ta lalace ba, alhali ruwan da yake tafasa a tukunyarki bai wuce digiri 100 ba. Saboda haka ɗumamawar da kika yi ta kashe ƙwayoyin da suke raye, amma gubar da suka riga suka zubar tana nan yadda take, ko da kin soya shinkafar da mai har ta yi ƙauri. Ba ta kuma canja wari ko ɗanɗano, shi ya sa kika sansana ba ki ji komai ba. Ina so ki cire wa ranki cewa kin yi sakaci wajen ɗumamawa, domin ɓarnar ta riga ta auku a daren Asabar, lokacin da kowa ya gaji da hidimar baƙi ya kwanta.

Irin wannan ciwo yakan fara tsakanin minti 30 zuwa awa 6 bayan ci, da tashin zuciya da amai mai ƙarfi, wani lokaci da ɗan zawo a bayansa, kuma galibi babu zazzaɓi. Yakan lafa tsakanin awa 6 zuwa 24. Wannan ya yi daidai da abin da kika gani, tunda zuwa safiyar Litinin manyan sun miƙe. Ba ya kuma yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka jaririn da aka yi wa suna ba zai ɗauka a nonon uwarsa ba, kuma idan mai jegon tana cikin waɗanda suka ci, ta ci gaba da shayarwa tana yawan shan ruwa. Mafi yawan mutane suna warkewa sarai, sai dai ban so ki ɗauka cewa abin ba ya kisa ko kaɗan. Idan gubar ta yi yawa ƙwarai tana iya taɓa hanta, kuma an rubuta irin haka a Beljiyam a shekarar 2008, inda wani ɗalibi mai shekara 20 ya rasu bayan ya ɗumama taliyar da ta kwana biyar a ɗakin girki ya ci. Wannan abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma shi ya sa idan aka ga idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, ko hankalinsa ya fara gushewa bayan irin wannan amai, a garzaya da shi asibiti.

Na Maigida daban ne. Idan da safe ya ci miyar kamar yadda na fahimta, to an sami tazarar awa 11 ko 12 kafin ciwon ya taso, kuma da murɗa da zawo ya zo, ba da amai ba. Wannan salon wata ƙwaya ce mai suna Kulostiridiyam fafirinjens, wadda ta fi son nama da romo da miyar da aka dafa da yawa a babbar tukunya. Ita ma tana da ƙwai mai jure wuta, kuma ba ta son iska, don haka tsakiyar tukunyar miya mai kauri, wadda mai ya rufe samanta, wuri ne da ya dace da ita. Babbar tukunya tana daɗewa ba ta huce ba, kuma ƙwayar ta fi saurin hayayyafa a wajen digiri 43 zuwa 47, zafin da za ki taɓa tukunya ki ce ai har yanzu da ɗuminta. Bambancinta da ta shinkafa shi ne ita sai an haɗiye ta da yawa tana raye, ta isa hanji, sannan ta saki gubarta a can. Shi ya sa take jinkiri, tsakanin awa 6 zuwa 24, kuma ciwon yakan wuce a cikin kwana ɗaya, ko da yake tsofaffi da masu rauni suna iya jin ragowarsa fiye da haka.

Wannan bambanci yana da amfani a madafa. Tunda ƙwayar miyar sai tana raye take cutarwa, tafasa miya sosai, har ta ɓararraka ko'ina ana juyawa, yana kashe ta. Abin da na fi zato shi ne an ɗan ɗora miyar ne a wuta man ya narke, gefe ya yi zafi, aka sauke alhali tsakiyar tsokar naman ba ta ji wuta ba. Iyayenmu da suke tafasa miya kafin kwanciya, su rufe, su hana kowa sa cokali a ciki, sannan su sake tafasawa da asuba, suna da hujja a kan abin da suke yi, kuma ya fi a bar ta haka nan nesa ba kusa ba. Amma dabarar tana da iyaka, domin ba ta maganin gubar da wuta ba ta ci, kuma ba a shinkafa kaɗai ake samun irin wannan gubar ba.

Ta biyun da ke yin guba mai jure wuta ita ce Sitafilokokus, kuma daga jikin mutane take zuwa. Tana zaune a hanci da fatar mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, ta fi yawa a ƙurji da yankan wuƙa da ya yi ruwa. Duk abincin da aka dafa sannan aka yi ta taɓa shi da hannu yana cikin hatsarinta: soyayyen naman da ake rabawa a faranti, dambun nama, kazar da aka yayyaga, tsire da balangun da suka yi kwantai aka mayar da su wuta washegari. Gishiri ba ya hana ta kamar yadda yake hana wasu. Ciwonta yana kama da na shinkafa, amai mai tsanani cikin minti 30 zuwa awa 8, ya wuce cikin yini ɗaya, har ba a iya rarrabe su da ido. Ba zan yi mamaki ba idan ita ma ta sa hannu a kular taku, tunda dafa-dukar suna da nama take zuwa kuma hannaye da yawa suna shiga. Ko wace ce daga cikinsu, kulawar ɗaya ce, tsawon ciwon ma ɗaya ne. Naman layya da ake soyawa ya bushe ƙayau yana daɗewa ne saboda an kore ruwan jikinsa, haka ma kilishi, amma tsokar da aka soya sama-sama cikinta da danshi ba ta cikin wannan sahu, ko da a mai aka nutsar da ita.

Duk waɗannan ukun ciwon kwana ɗaya ne, kuma wannan shi ne ma'aunin da nake so ki riƙe. Bayan amai da zawo sun tsaya, mutum yana iya yin kwana biyu ko uku da kasala, da ƙin abinci, da bayan-gida mai ɗan laushi, musamman yaro ƙarami, wanda hanjinsa yake ɗaukar lokaci kafin ya daidaita. Wannan ba abin tsoro ba ne muddin kullum ana samun sauƙi. Abin da ya saɓa wa ma'aunin shi ne ciwon da yake ƙaruwa a rana ta biyu, ko zawon da ya wuce kwana uku bai ragu ba, ko wanda ya zo da zazzaɓi ko jini. Idan aka ga haka, to wata ƙwayar ce daban ake zargi. Salmonela, wadda ake samu a kaza da ƙwai da naman da bai dahu ba, ko dafaffen abincin da ya haɗu da wuƙa ko katakon da aka yanka ɗanyen nama, takan fara tsakanin awa 6 zuwa kwana 6, da zazzaɓi da murɗa, kuma takan ɗauki kwana 4 zuwa 7. Don haka idan wani daga cikin waɗanda suka ci abincin sunan ya kwanta ranar Talata ko Laraba da zazzaɓi, kada a ce ai irin na su Hajiya ne zai wuce da kansa, a kai shi a duba shi. Taifot kuwa, wadda mutane suke saurin ambata, takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana, saboda haka aman da ya zo awa biyu bayan karin kumallo ba ita ba ce.

Akwai abubuwa biyu da ba a jira a ga ko za su wuce. Na farko shi ne kwalara, wadda muka sha fama da ita a jihohin nan, kamar a daminar 2021 da ta shafi Kebbi da Zamfara da maƙwabtansu. Alamarta zawo ne mai yawan gaske, fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, yana zuba ba tare da murɗa sosai ba, kuma yana iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin awanni. Na biyu shi ne gubar maganin ƙwari, irin wanda ake zuba wa wake ko hatsi don ajiya. Ita takan zo da sauri, da dalalar miyau, da gumi, da rawar jiki, da wahalar numfashi, ƙwayar ido kuma ta tsuke. Duk wanda aka ga ɗayan waɗannan a jikinsa, a tafi da shi nan take, kuma idan zawo ne a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya muddin yana iya haɗiya.

Yanzu ga yadda za ki yi da ƙaramar idan ba ta da alamun hatsarin da na lissafa. Abin da yake kashe yara a zawo shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki, don haka mayar da su shi ne ainihin maganin. Ki sayi garin gishiri da sukari na ƙunshi a kemis ko ki karɓa a asibitin sha-ka-tafi, ki duba adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, mafi yawansu lita ɗaya ne. Ledar fiya wata ta santilita 50 guda biyu ita ce lita ɗaya. Ki juye ƙunshin gaba ɗaya, kada ki raba shi da ido. Idan ba a samu ba, ki zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye, domin gishirin da ya yi yawa yana cutar da yaro. Mai shekara 3 ana ba ta mililita 100 zuwa 200 bayan kowane zawo, wato rabin kofin shayi zuwa cikakke, da cokali ko kurɓi-kurɓi. Idan ta yi amai ki dakata minti 10, sannan ki ci gaba a hankali, cokali ɗaya kowane minti biyu ko uku. Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Ki haɗa mata da ƙwayar zinki, miligiram 20 sau ɗaya a rana har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya kafin nan, domin tana rage tsawonsa kuma tana taimaka wa hanji ya warke. Ana narkar da ita a cokalin ruwa. Kada ki hana ta abinci da sunan hutar da ciki. Ki ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa, kunu ko koko da aka dama yanzu, ayaba, fate mai laushi, ko sabuwar shinkafa da aka dafa ta yi lugub. Lemon kwalba da sauran kayan zaƙi suna ƙara zawo saboda yawan sukarinsu, don haka a ajiye su. Ina sa ran zuwa gobe Talata za ki ga yawan zawon ya ragu, ta fara neman abinci. Idan ba haka ba, ko da babu wata alamar hatsari, ki kai ta a duba.

Akwai abin da nake gani kullum wanda yake damuna, shi ne da zarar ciki ya ɓaci sai a aika yaro kemis ya sayo filajil da kafso. Gubar da ta sa ku amai ba abu ne mai rai ba, don haka maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da abin da zai kashe, kuma filajil kansa yana tayar da zuciya. Mutum yakan sha ya warke washegari ya gode wa maganin, alhali lokacin warkewar ne ya yi. Asarar ba ta tsaya a kuɗi ba, domin yawan shan waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba shi ne yake sa su daina aiki ranar da ake bukatarsu da gaske. Maganin tsayar da zawo kuwa kada a ba ƙaramin yaro ko kaɗan, babba ma kada ya sha idan akwai zazzaɓi ko jini. Mai juna biyu, da tsoho, da mai ciwon sukari ko ƙoda, da jaririn da bai kai wata shida ba, su ba a yi musu dogon jira a gida, gara a gan su tun ranar farko.

Na san za ki ce ai da ɗumame muka tashi, kuma ba kullum ake kwanciya ba. Gaskiya ne. Ba kowace tukunya ce take ɗauke da irin ƙwayar da ke yin guba ba, kuma sai ta yi yawa take cutarwa. Tuwon da aka tuƙa bayan magariba aka ɗumama da asuba a cikin hunturu bai yi zaman da dafa-dukar da aka sauke da hantsi ta yi ba, kuma daren sanyi daban yake da daren bazara, lokacin da zafin rana a Birnin Kebbi ko Gusau yake haura digiri 40, ɗaki kuma ya kwana da ɗumi. Amma tuwon shinkafa da taliya da sauran abinci mai sitaci duk wannan ƙwayar tana iya kama su, kuma na tabbata da yawa daga cikin ɓacin cikin da ake ɗora wa shawara ko sanyi daga nan yake. Ƙa'idar da masana abinci suka tsayar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye tsakanin digiri 5 da 60, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32 ya koma awa ɗaya. Na san wannan da wuya a gidan da babu firij, amma ya kamata a san inda layin yake, don a san iya nisan da aka yi da shi. Abin lura ne ma a watan azumi, inda shinkafar buɗa-baki take jiran sahur awa tara ko goma.

A gidan da akwai firij, kuskuren da aka fi yi shi ne a jira babbar tukunya ta huce da kanta, ko a tura ta ciki yadda take. A juye shinkafar a faffaɗan tire, a baza ta kada kaurinta ya wuce gaɓar yatsa biyu, ta sha iska, a zuba a ƙananan robobi a sa a firij cikin awa ɗaya, a cinye washegari, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa, har ta yi tururi ciki da waje. Idan aka ɗauke wuta, firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kimanin awa 4, bayan haka lissafin abincin da ke ciki ya koma kamar na wanda yake waje. A gidan da babu firij kuwa, hanya biyu ce. Ko dai abincin ya zauna a kan garwashi da zafinsa na gaske, wanda hannu ba ya iya jurewa, har lokacin ci, ko kuma a dafa daidai ci. Ranar taro, dafawa biyu, ta rana da ta yamma, ta fi tukunya ɗaya da za ta yini, kuma abin da ya ragu a rabar wa maƙwabta da almajirai tun yana da zafi a ranar. Ina roƙo kada a jira sai ya kwana an fara shakkarsa sannan a miƙa wa almajiri, domin shi idan amai ya kama shi ba lallai ne a sami mai haɗa masa ruwan gishiri da sukari ba.

Idan akwai sauran shinkafar ko miyar nan a gidan, ko an aika wa wasu gidaje da ita, a sanar da su a zubar, a wanke kular da ruwan zafi da sabulu har murfinta da lungunan bakinta, a shanya ta a rana ta bushe. Ki riƙa ƙirga sau nawa ƙaramar ta yi zawo da sau nawa ta yi fitsari daga yanzu zuwa gobe da safe, domin idan ta kai ga zuwa asibiti, wannan ne abin da za a fara tambayarki. Allah ya ba ta lafiya.